Kada Mu Ajiye 'Ya'yan Mutane a Kan Zato

Jama'a, iyaye da matasa, maza da mata, neman aure ya sauya hanya a gabanmu. Da sai an ga yarinya a gidan biki ko an bi ta hannun gwaggo. Yanzu a waya ake haɗa mutane: masu dalilin aure suna da zaurukan WhatsApp da shafukan Instagram, ga kuma manhajoji irin su Muzz. A ba ka lamba, a ba ta lamba, hira ta soma. Kafin wata ya ƙare sai ɗaya daga cikinku ya kawo maganar da ke hana barci: “Ina so mu tsayar da magana, ki daina kula kowa sai ni,” ko kuma “Yaushe za ka zo ka gaida su Baba?” Idan wanda aka tambaya bai shirya ba, a nan ake gane halinsa. Abin takaici, yawancinmu mun fi son mu yi shiru, ko mu amsa da bakin da ba ya nufin komai, mu bar ɗan mutane yana gina gida a kan zato.

Bari mu fara cire wani nauyi da ake ɗora wa kai ba gaira ba dalili. Rashin tsayar da mutum ɗaya tun farkon haɗuwa ba laifi ba ne a addini. Hadisin Faɗimatu bint Ƙais, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, ya nuna haka. Bayan ta gama idda ta je ta shaida wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Mu'awiya ɗan Abu Sufyan da Abu Jahm duk sun nemi aurenta. Bai zarge ta da tara manema ba, bai kuma zargi ɗayansu da shiga neman ɗan uwansa ba. Ya faɗa mata abin da ya sani game da kowannensu, sannan ya ba ta shawarar auren Usama ɗan Zaid. Hanin da ya zo na nema a kan neman ɗan uwa kuwa, Imamu Malik ya bayyana cewa yana aiki ne idan mace ta riga ta karkata ga mutum an daidaita, kuma haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu. Ke nan akwai lokacin dubawa, akwai lokacin tsayarwa, kuma kowanne da hukuncinsa. Laifin yana shigowa ne idan kana lokacin dubawa amma ka bar ɗiyar mutane tana ɗauka an tsayar. Ita ta sallami masu zuwa, ta faɗa wa mahaifiyarta, ƙawaye sun fara tsokanarta da amarya, kai kuwa kana hira da wasu uku.

Saboda haka a faɗa, kuma a faɗa da wuri. Lokacin da ya dace shi ne ranar da aka tambaye ka, ko washegari idan kana son ka kwana da maganar. Kada a bari sai an kai gaisuwar iyaye ko an karɓi kuɗin na-gani-ina-so, domin daga nan maganar ta bar hannun mutum biyu ta zama ta dangi biyu, kuma janyewa kan jawo gaba ta shekaru.

Ga misali. Wata budurwa ce tana bautar ƙasa, saura wata huɗu ta gama. Mai dalili ta haɗa ta da wani malamin makaranta, sun yi 'yan makonni suna magana, ya zo zance gidan yayarta sau biyu. Sai ya rubuto cewa yana so ta ba shi dama ya turo magabatansa, ta kuma rufe ƙofa ga kowa. Mutumin ya kwanta mata, amma ba ta san shi sosai ba, kuma akwai wani da kawunta ya yi mata maganarsa. Ga irin abin da ya kamata ta aika:

“Assalamu alaikum Malam. Na gode da maganar da ka yi jiya, na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ce zai turo iyayensa. Gaskiya ina jin daɗin hira da kai, kuma ban ga abin ƙi a halinka ba. Sai dai ban shirya tsayar da magana da kowa ba yanzu. Ina so in ƙara saninka, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai wata magana da aka kawo gida wadda ba a yanke ba. Idan na gama bautar ƙasa, nan da wata huɗu in Allah ya yarda, zan ba ka amsa guda, e ko a'a. Ban ce ka jira ni ba. Idan ka ga wadda ta dace da kai kafin nan, ka nema, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Idan kuma ka ga mu ci gaba da fahimtar juna a haka, ina maraba.”

Ku duba abin da ta yi. Ta yaba masa da abin da ta gani da gaske, ba ta cika shi da kirarin da zai sa ya karanta amincewa a inda babu ita ba. Ta faɗi asalin maganar a jimla ɗaya da ba ta da fuska biyu, kuma ta sa ta kusa da farko, ba ta binne ta ƙarƙashin dogon ban-haƙuri ba. Ta ambaci cewa akwai wani, amma ba ta faɗi sunansa ko sana'arsa ba, domin wannan sirrin wani ne, kuma faɗarsa gasa kawai za ta haifar. Ta sa wa'adi. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, alhali shi ke raba mai gaskiya da mai ja wa mutum rai. “Ba yanzu ba” marar rana tana iya kai mutum shekara uku.

Sai abu mafi nauyi, wanda nake so maza musamman su saurara: ta sake shi kamar yadda ta saki kanta. Sau nawa muke ganin namiji ya ce wa yarinya bai shirya ba, sai ya samu aiki, sai ya gama gini, amma idan ya ji wani ya yi sallama da ita sai ya tayar da jijiyar wuya? Malam, ba ka da wannan haƙƙin. Wanda bai tsayar ba bai isa ya tsare ba. Kuma jiran bai yi wa maza da mata tsada ɗaya ba a garuruwanmu. Namiji mai shekara 35 ana ce masa yana kan shiri, mace mai 28 kuwa kullum tana shan tambayar dangi a gidan suna. Idan kai ne ba ka shirya ba, ka rubuta mata sarai cewa idan wani mai niyya ya fito ta saurare shi, kuma ka nufi hakan har zuciya.

Akwai hanyoyin tsere da muka ƙware a kansu, kuma mafi muni su ne waɗanda muke sa wa rigar addini. “Sai abin da Allah ya yi.” “Mu ci gaba da addu'a.” “Ina kan istihara.” Duk maganganu ne na gaskiya a wurinsu, amma istihara raka'a biyu ce da addu'a a kan abin da mutum ke niyyar yi, ba a mayar da ita labulen ɓuya na wata shida. Wasu kuma iyaye suke jingina wa: “Baba ne ya ce sai yayata ta yi.” Idan haka ne da gaske, to. Idan ƙarya ce, ranar da mutumin ya aika kawunsa ya roƙi Baban za a ji kunya. Sai masu karanta saƙo su ƙi amsawa, alamar ta yi shuɗi, kwana biyar shiru, sannan su dawo da “ya kike, kwana biyu.” Wannan ba kunya ba ce, ko da mun kira ta haka.

Kafin ka aika, ka yi wa kanka tambaya ɗaya a ɓoye: ban shirya ba ne, ko dai ba na so? Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗauka uzurin da ka kawo ya gushe gobe, aikin ya samu, karatun ya ƙare. Za ka tura magabatanka gidansu? Idan zuciyarka ta ce a'a, to saƙon da ke sama ba naka ba ne. Naka shi ne na sallama cikin mutunci, ka ce ka duba ka ga ba ku dace ba, ka yi mata fatan alheri. Ba wa mutum wa'adin da ka san ƙarshensa a'a ne ya fi ƙin farko ciwo.

Hannu ma sai ya bi abin da baki ya faɗa. Ke da kika ce ba ki tsayar ba, ki daina karɓar abin da ake ba wadda aka tsayar. Katin waya ko tsarabar tafiya ba wani abu ba ne, amma sabuwar waya, kuɗin makaranta, kayan salla, waɗannan namiji yana lissafa su a matsayin alkawari ko bai furta ba. Malaman Malikiyya da yawa sun tafi a kan cewa idan janyewa ta zo daga wajen mace, mai nema yana iya karɓar abin da ya bayar, sai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa, kuma irin wannan rigima ba baƙuwa ba ce a ofisoshin Hisba da kotunan shari'a. Iyaye mata, ku ma kuna ciki: kada ku riƙa karɓar buhun shinkafar azumi daga mutumin da kuka san 'yarku ba ta tsayar ba. A kuma sanar da mai dalilin da ta haɗa, don kada ta cire sunan mutum daga cikin masu nema a kan zaton an gama.

Kai kuma da aka aiko wa irin wannan saƙo, za ka ji zafi, ba mai musun haka. Amma wadda ta rubuto maka ta girmama ka fiye da wadda za ta ci kuɗinka shekara biyu. Kada ka ɗauki hoton saƙon ka watsa wa abokai, kada ka koma habaici a inda kowa zai gani, kada ka dame ta da kira cikin dare kana neman ta sauya magana. Amsa biyu ce a gabanka, kuma kowacce ta mutunci ce. Ko ka ce ka yarda za ka saurari wa'adin, ko ka ce ka gode amma kai mai shirin yanzu kake nema. Idan kuwa amsar da ta dawo zagi ce ko barazanar tona asiri da hotuna, to yarinya ta daina amsawa, ta ajiye saƙonnin kada ta goge, ta nuna wa mahaifinta ko yayanta a ranar.