Kwalliya Ko Algus?

Sau da yawa na ji 'yan'uwa ɗalibai na cewa ba laifi ba ne mai neman aure ya ɗan ƙara tsawo ko ya rage shekaru a bayanin kansa da yake sawa a shafukan haɗa aure. Wai talla ce, kuma mai talla ba ya kushe hajarsa. Ni kam ban yarda ba, ko da yake ɗabi'ar ta zama ruwan dare. A wani bincike da Toma da Hancock da Ellison suka buga a 2008, an auna mutum 80 masu irin wannan bayani a birnin New York, aka tarar kusan takwas cikin goma sun kauce wa gaskiya, ko a tsawo, ko nauyi, ko shekaru.

To, mu ɗauki saurayi mai tsawon santimita 165 wanda ya rubuta 173, ya kuma mai da shekarunsa 36 zuwa 30. Yarinyar da ta amsa masa tsawonta 168. Ran da ya zo zance, tana fitowa zaure sai ta ga ta ɗara shi, alhali a takarda shi ya ɗara ta. Shekaru kuwa sai hira ta yi nisa suke tonuwa, watau sa'ad da ya ambaci shekarar da ya gama sakandare, lissafi ya ƙi fita. Mai yiwuwa da ma gajarta ba ta dame ta ba. Amma yanzu yaya za ta yi da sauran maganganunsa waɗanda ido ba ya iya aunawa, kamar sana'arsa, da lafiyarsa, da cewar da ya yi bai taɓa aure ba? Ya yi ƙarya a inda ake iya kama shi, balle inda ba a iyawa.

Wani zai ce, ai kwalli da hoda ma gyara ne. Lalle haka ne, sai dai kowa ya ga kwalli ya san kwalli ne, zai iya cire shi a zuci. Hoton shekara bakwai da suka wuce, ko wanda waya ta haskaka fatarsa ta miƙe masa hanci, an yi shi ne musamman don kada mai kallo ya gane. Wannan shi ne algus, irin na mai hatsin nan da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibinsa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama.

Ba kowane saɓani ne ƙarya ba fa. Tsawon mutum kan ragu da wajen santimita ɗaya tsakanin safe da yamma, ya isa ka cire takalmi da hula ka jingina da bango a auna. Cikinmu kuma akwai masu shekaru biyu, na takardar makaranta da waɗanda iyaye suka sani. Na iyayen nan su za ka rubuta, tun da yake danginta za su yi bincike a unguwarku, inda tsofaffi ke tune da ranar sunanka.