Ba'a ga Yaron da Girmansa Ya Yi Jinkiri

Ba'a, wato mayar da mutum abin dariya saboda wata siffa da ba shi ya zaɓa wa kansa ba, tana cikin munanan ɗabi'un da aka fi yi wa uzuri, domin mai yin ta yakan fake da cewa wasa ne, duk da cewa aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Muninta yakan fito fili a makarantar sakandare, inda yara sa'o'in juna ke bambanta ƙwarai wajen tsawo da murya.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 14 da ke aji uku na ƙaramar sakandare, wanda tsawonsa bai wuce santimita 143 ba, muryarsa ba ta buɗe ba, kuma wandon makarantar da aka ɗinka masa tun yana aji ɗaya har yanzu daidai yake masa. 'Yan ajinsu suna kiran sa Guntu, suna ɗora gwiwar hannu a kansa lokacin taron safe, har ya daina ɗaga hannu a aji don kada a ji siririyar muryarsa. Da aka kai shi asibiti, likita ya fara da bincikar cututtukan da kan tauye girma, irin su sikila da tamowa, sannan ya sa aka ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu, wanda daga gare shi ake gane shekarun ƙashi, wato matakin da ƙasusuwa suka kai wajen nuna. Hoton ya nuna ƙashin ɗan shekara 12, mahaifin kuma ya tuna cewa shi ma sai wajen shekara 16 ya miƙe.

Wannan yanayi shi ne jinkirin balaga na gado, kuma ba cuta ba ne. Balagar namiji takan fara tsakanin shekara 9 da 14, kuma tun da guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa, inda tsawo ke ƙaruwa, bai rufe ba a jikin wannan yaro, lokacin miƙewarsa yana nan tafe, kuma galibi irinsa kan kai kusan tsawon da ya dace da na iyayensa.

Ke nan masu ba'ar sun yanke hukunci a kan jikin da bai gama ginuwa ba, amma laifinsu ba zai ragu ba ko da a ce yaron ba zai ƙara tsawo ba har abada. Bayanin likita ya kwantar masa da hankali, sai dai bai mayar masa da darussan da ya yi shiru a cikinsu ba, kuma kaso mai nauyi na alhakin wannan asara yana wuyan malamin da ya ji laƙabin ya yi murmushi, har wata rana shi ma ya kira yaron da shi a gaban aji.