Abin da Baki Zai Faɗa a Gidan Makoki

Akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu kafin mu taka ƙofar gidan da aka yi rasuwa: shin duk maganar da take gaskiya ce ta dace a faɗa wa mai baƙin ciki? A ganina ba haka ba ne. Magana tana iya zama gaskiya, amma ta zama zalunci idan an faɗe ta ga wanda ba shi da ƙarfin ɗaukarta a ranar.

Mu ɗauki misali. A ce wani manomi a Ɗankaza, abokinka tun ƙuruciya, ya rasa ɗansa mai shekara 6 bayan zazzaɓin kwana uku cikin damina. An binne yaron, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna waje, mata suna ciki wajen uwar. Ka iso, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Al'adarmu ta riga ta sa maka kalmomi a baki: "Sannu da haƙuri. Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku dangana." Kada ka raina su don kowa yana faɗarsu. Amfaninsu shi ne ba sa neman komai daga mai makoki, in ban da "amin". Mutumin da bai yi barci ba, wanda zai amsa gaisuwar mutane da yawa kafin faɗuwar rana, ba ya iya fin haka.

Ɓarna tana farawa ne bayan gaisuwa, sa'ad da shiru ya dami baƙo. Sai wani ya ce, "Ashe ba ku kai shi asibitin Wudil da wuri ba?" Mai yiwuwa da an kai shi ya rayu. To, amma uban ya riga ya yi wa kansa wannan tambaya dare da rana, kuma amsarta ba za ta tone kabari ba. Wata kuma ta ce wa uwar, "Ai da sauran ƙuruciyarki, za ki sake haihuwa," sai ka ce ɗa tukunya ce da ake mayar da gurbinta ranar kasuwa. Mafi muni shi ne mai raɗa cewa mutuwar nan da hannu a ciki. Zargin maita ko sammu da aka shuka a kan tabarmar makoki yakan raba dangi har jikoki.

Littafin Ayuba ya nuna wannan sarai. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai da dare bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma ba a zarge su da kome a kan haka ba. Da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa cikin zunubinsa ne suka kauce, har Ubangiji ya tsauta musu a sura ta 42. Abin lura, kare Allah suke ƙoƙarin yi. Mu ma muna yin irin wannan idan muka hau mai makoki da wa'azi, muna bayyana masa nufin Allah kamar tare da mu aka shirya shi.

Haka kuma kada a hana kuka da sunan bangaskiya. Waliyyi Agustin ya ba da labari cewa sa'ad da uwarsa Monika ta rasu a Ostiya a shekara ta 387, ya danne hawayensa har aka gama jana'iza, abin ya yi ta cin sa a ciki, sai daga baya da ya kaɗaita ya yi kuka ya sami sauƙi. Yesu kansa ya yi kuka a kan Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Idan uwar ta ce, "Don me Allah ya yi mini haka?" ba amsa take nema ba. Ki riƙe hannunta, ki bar ta ta ƙare.

Abin da ya fi kyau a faɗa, bayan gaisuwa, shi ne wani abu na gaskiya game da mamacin: ka kira sunan yaron, ka tuna yadda yake rugowa ya karɓi fartanyarka. Sa'an nan kada ka ce, "In kana bukatar wani abu ka faɗa," gama ba zai faɗa ba. Ka ce, "Gobe ni da yarana za mu yi maka noman gonar gero." A kawo tuwo, ko kwanon hatsi, ko itace, domin masu zuwa gaisuwa suna cin abincin gidan. Maganar bashi ko gado kuwa, a kai ta ga dattijon dangi a keɓe.

Idan abokin Musulmi ne, ka girmama zaman makokinsu na kwana uku, ka zauna cikin natsuwa sa'ad da suke addu'a, ba wurin gardamar addini ba ne. Idan ɗan Ikilisiya ne, ka tambaye shi ko yana so a yi magana da Fada ko katikis a miƙa Mas domin mamacin. Ka kuma sake komowa bayan mako biyu, lokacin da aka naɗe tabarmi, kowa ya koma gonarsa.