Sunan da ke kan fom ba shi ne magaji ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma har yau ba a gama raba gadonsa ba. Gida da shago ba su ba da wahala ba, kafin sadakar arba'in malamai sun yi musu kima. Abin da ya hana ruwa gudu wata jaka ce da uwargida ta ciro daga ƙarƙashin gado bayan ta fita takaba. Cike take da satifiket na hannun jarin da ya saya a 2005 zuwa 2007, lokacin da bankuna ke tallar hannun jari har cikin kasuwa bayan Babban Banki ya ce kowannensu ya kai jarinsa naira biliyan 25. Wasu takardun gara ta ci gefensu, wasu na bankunan da suka narke cikin wasu ne. A kan ɗaya an rubuta Muhammadu, a kan wata Mamman, a kan ta uku Mohammed. Wata takwas mutumin nan ya yi yana jinya da hankalinsa garau, bai ce wa kowa uffan ba.

Da aka bi diddigi ta hannun dillalin hannun jari, abin da ya rage bayan an biya basussuka ya kama naira miliyan 24. Nan rigima ta tashi. Babban ɗan ya gano sunansa mahaifin ya sa a gurbin makusanci a fom ɗin buɗe asusu, sai ya kafe cewa Baba shi ya bar wa. Ya faɗa a gaban kawunansa, ya maimaita a gaban alƙali, har matar ubansa ya kalla ya ce mata, "Umma, ki yi haƙuri, ga shi nan a rubuce."

Jama'a, a ji tsoron Allah! Wannan gurbi ba ya mallaka wa kowa ko kwabo. Amfaninsa a san wanda za a nema idan wani abu ya faru. Shari'a ba ta san shi a matsayin rabo ba, dokar ƙasa ma haka. Ko da uban ya yi nufin ba shi ne, to ai babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Kyauta kuwa a mazhabar Malikiyya sai an karɓe ta tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, ga hannun jarin nan bai taɓa barin sunan Alhaji ba.

Rabon a fili yake cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Alhaji ya bar mahaifiya, mata biyu, 'ya'ya maza shida da mata biyar. Matan biyu suna da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3 su raba daidai. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida, miliyan 4. Sauran miliyan 17 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki ninkin na mace: kowace 'ya miliyan 1, kowane ɗa miliyan 2. Wanda ya riƙe gida shekara huɗu yana kumfar baki ke nan, haƙƙinsa miliyan 2 ne, daidai da na autan ƙannensa maza da ke firamare. Sauran 22 da yake hange dukiyar gwauraye da marayu ce, kuma a surar nan dai aka ce masu cin dukiyar marayu wuta suke zuba wa cikinsu.

Jinkirin ma ya haifi wata matsalar. A shekara ta biyu Hajiya mahaifiyar Alhaji ta rasu ba ta ga ko sisi ba. Miliyan 4 ɗinta ba ta koma ga jikoki ba, ta zama gadon 'ya'yanta da ke raye, ƙannen Alhaji, waɗanda a da 'ya'yansa maza suka shamakance su. Yanzu su ma sai an zauna da su, ɗaya yana Legas, ɗaya tana aure a Maraɗi.

Laifin yaron babba ne, amma na uban ya fi damun mai wannan rubutu, Allah Ya gafarta masa. Mutum ya je Hajji ya dawo, ba ya rasa sahun farko, ya sha jin hadisin Ibn Umar da ya hana Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta a rubuce, amma da an ambaci wasiyya sai ya ɓata rai ya ce ana yi masa fatan mutuwa. Wane ne rubutu ya taɓa kashewa? Wasu kuma tsabar ɓoyo ne: kada uwargida ta sani ta gaya wa 'yan ɗakinta, kada amarya ta ji ta ƙara buƙata. To ga shi nan, an ɓoye wa mata, an bar wa gara. Gona dai maƙwabta sun san iyakarta, shago 'yan layi sun san mai shi. Hannun jari kuwa lamba ce a na'urar CSCS da littafin rijistara, ba wanda zai zo gaisuwar mutuwa ya tuna wa iyali da ita.

Gidan Alhaji ba shi kaɗai ba ne. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jarin da ba a karɓa ba ta kai kusan naira biliyan 190. Dokar Kuɗi ta 2020 kuma ta ce ribar da ta shekara shida ba a nema ba a mayar da ita wani asusun amana da gwamnati ke rance daga ciki. Magada na iya nema daga baya, amma wa ke neman abin da bai san da shi ba? Wanda ya sani ma sai ya kawo takardar shaidar mutuwa da izinin kotu na kula da dukiyar mamaci, ya bi rijistarorin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, ga rantsuwar kotu cewa Mamman da Mohammed mutum ɗaya ne. Ma'aikaci ma kada ya ɗauka ya tsira, kuɗin asusun fansho a ƙarƙashin dokar 2014 su ma wasiyya ko wannan izini ake nema kafin a saki.

Wanda abin ya fi shafa a gidan nan ba ya ma cikin lissafi. Akwai yarinya marainiya, 'yar abokin Alhaji, da ya riƙe tun tana rarrafe, tana ce masa Baba, yana cewa shi zai yi mata kayan ɗaki. Ba ta gado. Shari'a ta ba shi damar yin wasiyya har sulusi ga wanda ba magaji ba, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Sulusin miliyan 24 miliyan 8 ne. Da layi biyu da shaidu adalai biyu da ya ware mata ko rabin miliyan. Bai rubuta ba. An aurar da ita bara da karo-karon matan unguwa.

Don Allah, duk mai hannun jari ko sukuk ko fansho ya ɗauki biro yau: sunan kamfani, sunan dillali, lambar asusu, bashin da ake binsa da wanda yake bi, wasiyyin da ya amince da shi, da jumlar cewa a raba saura bisa Shari'a. Ya daidaita sunayensa da na BVN, ya sa shaidu su sa hannu, sannan ya kira wanda ya rubuta a gurbin makusanci ya gaya masa a gaban iyayensa mata cewa ɗan aike ne kawai.