Kafin ka aika katin Sallah gidan da aka yi rashi

Ɗana, an nuna mini katin barka da Sallah da ka haɗa a wayarka lokacin Ƙaramar Sallah, wanda ka sa aka buga maka a Funtuwa ka raba, ka kuma tura sauran ta WhatsApp. Aikin ya yi kyau, ban ga laifin furannin ba, ban ga laifin hotonka da babbar riga ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kati iri ɗaya ka aika wa kowa, har da gidan aminin mahaifinka da ya rasu a tsakiyar Sha'aban, kuma a jikinsa an rubuta kana fatan sun yi Sallah cikin farin ciki da walwala tare da dukkan iyali. Na san ba da mugun nufi ka yi ba. Amma ka tuna wa aka karanta wa wannan magana: mace ce mai takaba, wadda a ranar ko kwana hamsin ba ta yi da rabuwa da mijinta ba. Babbar Sallah ta ƙarato, shi ya sa na ce bari in zaunar da kai kafin ka sake bugawa.

Abu na farko lissafi ne, kuma yaran yanzu ba ku yin sa. Takabar matar da mijinta ya rasu wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234, in ba mai juna biyu ba ce, wadda tata ke ƙarewa da haihuwa. Ɗauki gidan da muke magana. Rasuwa ranar 15 ga Sha'aban: ƙirga wata huɗu ka iso 15 ga Zulhajji, ƙara kwana goma ka sami 25. Layya kuwa ranar 10 ake yi. Ka ga ke nan Salloli biyun duka a cikin takaba za su same ta, ba lalle, ba kwalli, ba turare, ba kayan ado, ba yawon Sallah. Duk wadda mijinta ya rasu daga farkon Sha'aban zuwa gaba haka lissafinta yake a Babbar Sallah. Wadda nata ya rasu tsakiyar Rajab, watan azumin tsofaffi, Ƙaramar Sallah ce kaɗai za ta riske ta a ciki, ta fita wajen 25 ga Zulƙida. Sauran dangi kuwa, 'ya'ya da 'yan'uwa, kwana uku shari'a ta ba su na zaman makoki, don haka yaran gidan za su sa sabbin kaya su je Idi, kuma daidai ne su je. A gida ɗaya akwai masu Sallah sosai, akwai wadda take zaune a ɗaki. Katinka su duka zai shiga hannunsu, sai ka rubuta abin da ba zai hana yaran murna ba, ba zai kuma soki uwarsu ba.

Kada kuma ka ce to shi ke nan, ba zan aika musu komai ba. Wannan ya fi muni. Gidan da aka yi rashi yakan cika maƙil a kwanakin farko, a zo gaisuwar uku, masu yin bakwai da arba'in su yi, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ranar Sallah ce suke gane wa ya zo don marigayi, wa ya zo don a gan shi. In maigida ya saba karɓar gaisuwarka kowace shekara, bana kuma aka ji shiru, abin da za su fahimta shi ne zumuncin da shi aka binne.

Sai dai akwai kuskure na ɗaya ɓangaren, wato mayar da katin Sallah takardar ta'aziyya. Na ga waɗanda suke buɗewa da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, su sa hoton mamaci babba a tsakiya, su cika shafi da yadda mutuwarsa ta girgiza gari. Ta'aziyya an riga an yi ta a lokacinta. Sake ɗaga ta ranar Idi kamar fama miki ne da ya fara kamewa, kuma malamai da dama ba su son a mayar da Sallar farko bayan rasuwa wata ranar makoki ta daban. Abin da ba shi da lokaci shi ne addu'a. Don haka tsarin da nake so ka bi shi ne gaisuwar Sallah ta zo da farko, a taƙaice, sannan layi ɗaya ko biyu na tuna marigayi da yi masa addu'a, sannan addu'a ga waɗanda ya bari. Ga yadda zan rubuta in ni ne kai:

"Assalamu alaikum Inna. Ina yi muku barka da Sallah, ke da ƙannena duka. Allah ya karɓi ibadunmu da naku. A wannan rana muna tuna Baba, da yadda yake tara mu a zaure bayan an sauko Idi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ƙara muku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ina nan tafe gaishe ki washegarin Sallah in sha Allahu. Ɗanki."

Duba abin da babu a ciki. Babu farin ciki da walwala, domin ba a umartar mai takaba da murna. Babu "tare da dukkan iyali", domin iyalin ba su cika ba. Ban kama sunansa ba, na ce Baba, kuma wannan da dalili: a gidajenmu da yawa ba uwar gida ce za ta karanta katin da kanta ba, yaro ɗan makaranta za a ba ya karanta da ƙarfi a tsakar gida, kuma bai kamata ka sa yaro ya kira sunan mahaifinsa gatsau a gaban matar da ita kanta ba ta taɓa faɗar sunan ba. Haka in ɗan fari ne ya rasu, uwarsa da ta yi masa alkunya yana raye ba za ta so a yi ta nanata sunan a gabanta ba. Ka ce marigayi, ko Yaya, ko Malam, gwargwadon yadda kake kiransa.

Duba kuma abin da ke ciki. Layin zaure shi ne ran katin. Addu'o'in kowa ya iya su, amma abu ɗaya na gaskiya da ka sani game da mutumin, ko goron Sallah da yake raba wa yara ne, ko shi ke fara feɗe ragon maƙwabta kafin nasa, wannan ne ke nuna katin don su aka rubuta. Ɗaya ya isa. In ka jera biyar ka koma makoki. In kuma ba ka san komai game da shi ba, kada ka ƙirƙira, ka tsaya a addu'a.

Addu'ar ma tana bin wanda ya rasu. Dattijo mai 'ya'ya a ce Allah ya albarkaci bayansa, ya raya abin da ya bari. Ƙaramin yaro a ce Allah ya sa mai ceto ne. Wannan addu'ar da ake yi wa mai jego da jaririnta ya koma, ta Allah ya kawo mai zama, a baki take da daɗi tsakanin mata; a kati, bayan watanni, ni ban so ta.

Yanzu in zo kan abin da ya sa maganar nan ta fi nauyi a ƙasarmu. Mu da muke Sabuwa, dab da dajin Birnin Gwari, da 'yan'uwanmu na Dandume da Faskari da Ƙanƙara, mun san ba kowane rashi ne na jinya ba. Mutanen Kadisau a Faskari ba su manta watan Yuni na 2020 ba. Akwai gidajen da aka kashe musu mutum a gona, ko a hanya, ko a cikin ɗakinsa. In irin wannan gidan za ka rubuta wa, kada ka ambaci yadda aka yi rashin ko da kalma ɗaya. Ban da zancen 'yan bindiga, ban da Allah ya isa, ban da ba da labarin daren. Sun fi ka sanin daren. Kuma kati takarda ce, tana yawo hannu zuwa hannu, saƙon waya ma ana tura shi gaba, kai kuwa ka san yadda ake tsoron masu kai rahoto a ƙauyukanmu. Magana mai zafi da sunanka a ƙasa, da sunan gidansu a sama, ba alheri ka yi musu ba. In kana son ka ƙara wani abu, Allah ya karɓi shahadarsa ya wadatar, sai Allah ya ba mu zaman lafiya.

Akwai kuma gidan da ya fi kowane wuyar rubuta wa, gidan da aka ɗauke musu mutum ba a san yana raye ko ba ya raye ba. Ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka kwashe ranar 11 ga Disamba 2020, su fiye da 300, an sako su cikin mako guda, iyayensu suka gan su. Ba kowa ke samun haka ba. Wasu watanni ake yi ba labari. Irin wannan gida, kul ka rubuta Allah ya jiƙansa. Ba a yi masa sallah ba, matarsa ba takaba take ba, uwarsa tana sauraren kowace sallama. Abin da ake cewa shi ne Allah ya bayyana shi, Allah ya kuɓutar da shi, ya dawo muku da shi lafiya. In ba ka tabbatar da halin da ake ciki ba, tambayi wani dattijo na kusa da gidan kafin ka sa biro. Jita-jita ta sha kashe mutane a garin nan, daga baya su shigo da ƙafarsu.

Game da kamannin katin, kada ka kashe kuɗi. Farar takarda da rubutun hannunka ta fi wanda aka buga. Cire hotonka, ba takarar kansila kake ba. Kada ka sa hoton marigayi sai ka san suna so, wasu gidajen ma ba su yarda da shi ba. Ka rubuta da Hausa. In Inna ajami take karantawa, nemi almajiri ya rubuta maka da ajami ta karanta abinta ba tare da ɗan aike ba. Kada ka ɗora shi inda duniya za ta gani, nasu ne su kaɗai. Waya ma ba abar dogaro ba ce a nan: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, muka yi watanni saƙo sai ta hannun direba.

Kuma kada katin ya tafi shi kaɗai. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina bayan yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci. Gidan aminin mahaifinka bana da wuya su yanka rago, mai yankawar ba ya nan. Ware musu cinya daga layyarku tun kafin a fara rabo, kada ka bari sai abin da ya rage. Goron Sallar yaran ka sa a ambulan daban ka ba babbansu. In akwai halin ɗinka wa ƙananan kaya, ka kai wa tela yanzu, domin mako guda kafin Sallah ba telan da zai karɓa.

Ranar da ka rubuta za ka je, ka je, da rana, ka dawo kafin la'asar saboda hanya. Ka yi sallama ka tsaya inda aka tsayar da kai, tunda mai takaba ce, ka gaishe ta daga bakin ƙofa. Ka ce an yi Sallah lafiya, ya ƙarin haƙuri. In ta ɗauko zancensa ka saurara, in ba ta ɗauko ba ka tambayi karatun yara da wanda ke duba musu gonar bana.