Zumunci a Ƙafa Yake, Ko da Waya Ta Zo

Magabatan da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san tafiya sarai. Sun ga fatake, sun ga masu zuwa Makka a ƙasa suna shekaru ba su dawo ba. Abin da suka lura shi ne ƙauna tana buƙatar a taka a zo, a zauna, a ga halin da mutum yake ciki da ido.

Yau a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura akwai matan da mazansu suke Jidda, ko suka bi ta Damagaram da Agadas suka shiga Libiya neman abin rufin asiri. Shekarar farko hira ba ta ƙarewa. Daga baya sai ta koma "Ya yara? Saƙo ya iso? To, sai an jima."

Kada a yi saurin cewa so ne ya mutu. Hira tana rayuwa ne da abin da mutum biyu suka sani tare. Shi bai ga jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa ba, ita kuma ba ta san ubangidansa ko ɗakin da yake kwana ba. Sai kuɗi kaɗai ya rage a tsakani, kuma ranar da babu shi, kunya takan hana shi kira. Ga Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu: lokacin da ta kwantar da yara bayan isha'i, gajiya ta riga ta kayar da shi.

Mafi ciwo shi ne wanda ba shi da igama. Ƙafarsa a ɗaure take, domin in ya fito, komawa sai wani ikon Allah. Shi ya sa "bayan sallah zan zo" take ta maimaituwa. Duk da haka ana iya bambanta gajiyayye da wanda ya janye. Gajiyayye, ko minti biyu ya samu, zai tambayi jikin Inna da karatun yaro. Wanda ya janye amsawa kawai yake yi, kuma in aka ce "Maigida, yaushe za ka dawo?" sai ya fusata.

A ganina nan ne dangi suke gazawa, suna ce mata ta yi haƙuri tunda yana aiko da na cefane. Malaman Malikiyya ba su tsaya a ciyarwa ba. Sun ɗauki dogon rashin miji, kamar shekara ko fiye, a matsayin cutarwa da mace za ta iya kai wa alƙali. Shi kuma zai aika wa mijin: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata. Kafin a kai nan, haƙƙin waliyyai ne su kira shi, ya faɗi watan da zai dawo a gabansu.