Yadda Za Mu Faɗa wa Ɗan'uwa Cewa Jikinsa Yana Wari

Akwai abin da dukanmu muke gani a sahu amma ba mai magana. Mutum zai shigo ya tsaya, na damansa ya ɗan matsa, na hagu ya ja hirami ya rufe hanci kamar mai mura. In an fita sai a koma rumfar mai shayi ana cewa "wane ai sai haƙuri". Kowa ya sani, ban da shi.

Mu kan ce kunya ce ta hana mu faɗa masa. Amma mu tambayi kanmu, kunyar wa muke karewa? In har mun iya faɗa a bayan idonsa, to ba rufin asiri muka yi ba, giba muka yi, kuma mun bar shi masu saye suna gudun shagonsa bai san dalili ba. Shi kuwa da gaske ba ya ji, domin hanci yana sabawa da warin da yake tare da shi kullum, kamar yadda mai sayar da kifi ba ya jin ƙarnin da baƙo yake ji tun daga bakin layi.

Sannan ba lallai ƙazanta ba ce. A gida Arewa zufa tana bushewa da wuri. Nan Kudu iska jiƙe take, musamman da damina: a wanke riga, a shanya a ɗaki kwana biyu ba ta bushe sosai ba, mutum ya yi wanka tsaf ya saka ta, kafin azahar ta yi tsami. Yadin roba ya fi riƙe wannan wari fiye da na auduga.

Dabaru biyu muka saba yi, kuma duk ba sa aiki. Mu kai wa mutum kyautar turare, ya yi godiya, ya fesa a kan rigar nan, abin ya ƙara muni. Ko mu roƙi liman ya yi jan hankali kan wankan Juma'a da hanin zuwa masallaci da warin ɗanyar albasa da tafarnuwa. Wa'azi ne mai kyau, sai dai kowa yana ɗauka da na kusa da shi ake.

Ga yadda wani cikinmu ya yi da abokinsa, ɗan garinsu, mai sauke buhunan albasa a Mile 12. Bai tare shi a ƙofar masallaci ba, domin a lokacin ba abin da zai iya gyarawa, sai dai ya yi salla cikin takura. Ya bari sai da aka tashi kasuwa, suna tafiya gida su biyu, ya ce: "Ɗan'uwa, akwai maganar da in ni ne zan so ka faɗa mini. Rigunan nan namu ba sa bushewa a garin nan, taka tana ɗan tashi idan ka yi zufa. Ka riƙa ajiye wata a shago don salla." Ya tsaya nan. Bai ce "mutane suna cewa" ba, kuma wannan shi ne babban abu. Wannan kalma ita ke kashe mutum, domin daga ranar zai riƙa duban kowace fuska yana tunanin da ita aka yi gulmarsa.

Abokin ya yi shiru, ya ce "to". Kwana uku gaisuwa kawai suke yi. Wannan ba alamar an yi kuskure ba ne, ciwon kunya ne, yana wucewa in ba a sake tayar da maganar ba. Shi ma mai faɗar bai koma yana tambaya "ka ji haushi?" ba.

Wanda zai faɗa ya zama tsara ko na gaba. Yaron shago ba zai faɗa wa Alhajinsa ba, sai ya nemi aminin Alhajin, mutum ɗaya tak. Mata kuma su da junansu. In ya tambayi mafita, a ba shi mai sauƙi: cire gashin hammata, kada ya wuce kwana 40 kamar yadda sunna ta koyar, shafa alimun bayan wanka, shanya kaya a rana ko a goge su da dutsen guga, da aswaki.

Amma in an yi duk wannan warin bai tafi ba, kada mu yanke masa hukuncin taurin kai. Warin baki yakan fito daga ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon dasashi, wani lokaci kuma ciwon suga ko na ƙoda yakan canza warin numfashi. Nan magana ta biyu ba ta sabulu ba ce. Sai a ce masa, "Zo in raka ka asibiti a duba."